Yadda Ake Warware Silaid Mai Cunkoson Rubutu: Magana Ɗaya a Kowane Allo, Sauran Bayani a Notes

Tambayar da aka fi yi mini bayan kowace bita ita ce: "Malam, na san rubutun da ke kan silaid ɗina ya yi yawa, amma duk wanda na duba sai in ga yana da amfani. Wanne zan cire?" Ɗalibai masu shirin kare kundin bincike suna yin ta, ma'aikatan lafiya masu horar da 'yan sa-kai ma suna yin ta. Amsata kullum ɗaya ce: da farko ba cirewa za ka yi ba, rabawa za ka yi. Kowace jimla da ke kan allon tana da mazauni ɗaya cikin uku. Wata ta ido ce, ita za ta zauna a kan silaid. Wata ta baki ce, ita za ta koma akwatin Notes, inda kai kaɗai kake gani. Wata kuma ta hannu ce, a takarda za a ba mutane su tafi da ita gida.

Zan bi aikin daki-daki da misali ɗaya tun daga farko har ƙarshe. Sunayen maɓallan da zan ambata na PowerPoint ne a kan Windows, inda Google Slides ya bambanta kuma zan faɗa.

Abin da za ka tanada

Laftof, fayil ɗin da za ka gyara, takarda da biro, sai agogon wayarka. Takardar da biron ba na ado ba ne, da su za a yi aikin da ya fi muhimmanci. PowerPoint da ake sakawa a kwamfuta na kuɗi ne, amma Google Slides kyauta ne muddin kana da asusun Google da data, haka LibreOffice Impress kyauta ne kuma yana aiki ba tare da intanet ba. Dukansu suna da wurin rubuta bayanan mai jawabi. Kuɗin da za ka kashe bai wuce na buga takardu a shagon kwamfuta ba. Abin da aikin yake ci shi ne lokaci: ni silaid ɗaya mai cunkoso yakan ɗauke ni minti 20 zuwa 30, don haka wanda yake da guda goma sha biyar kada ya bari sai daren jajibiri.

Ga silaid ɗin da za mu yi aiki a kansa. An shirya shi ne don horar da mata 'yan sa-kai masu shiga gida-gida, takensa kuma "Gudawa a Wajen Yara":

> Gudawa ita ce yaro ya yi bayan gida mai ruwa-ruwa sau uku ko fiye a cikin rana ɗaya, kuma babban haɗarinta shi ne ƙarewar ruwan jiki. Ana maganinta da ORS, wanda ake zuba leda ɗaya a cikin lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa, a riƙa ba yaro bayan kowane bayan gida: wanda bai kai shekara 2 ba mililita 50 zuwa 100, mai shekara 2 zuwa 10 mililita 100 zuwa 200, kuma a zubar da abin da ya rage bayan awa 24. Haka kuma ana ba da ƙwayar zinki miligiram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14, ko miligiram 10 ga jaririn da bai kai wata 6 ba. Kada a daina shayarwa ko ba da abinci. A garzaya asibiti idan yaro ya kasa sha, ko yana amayar da komai, ko akwai jini a kashinsa, ko idanunsa sun faɗa, ko ya yi laƙwas.

Kalmomi wajen 140 ke nan a kan allo ɗaya. Babu jimla ko ɗaya a ciki da ta zama ƙarya ko ta banza, shi ya sa mai shi yake kasa taɓa shi. Amma da zarar an haska shi a majigi, na gaba za su duƙufa karatu su daina sauraronka, domin mutum ba ya karanta wata jimla yana kuma fahimtar wata da ake faɗa masa a lokaci guda. Na baya kuwa ba sa ma ganin rubutun.

1. Ajiye kwafi, sannan ka kwashe komai zuwa Notes

Kafin ka taɓa komai, shiga File, ka zaɓi Save As, ka ba fayil ɗin sabon suna. Tsohon ya zauna yadda yake, domin zai yi maka amfani a mataki na 7.

A sabon fayil ɗin, danna Notes a layin da ke can ƙasan taga. Akwati zai buɗe a ƙarƙashin silaid ɗauke da rubutun "Click to add notes". A Google Slides akwatin yana nan a buɗe, an rubuta "Click to add speaker notes". Ja layin da ke samansa zuwa sama don ya yi faɗi. Daga nan sai ka danna cikin sakin layin nan, ka zaɓe shi duka da `Ctrl+A`, ka yanke da `Ctrl+X`, ka zuba a Notes da `Ctrl+V`. Silaid zai koma fayau, take kawai.

Na san wannan yana tayar da hankali a karon farko, amma shi ne tushen aikin. Wanda ya tsaya a kan silaid yana rage kalma ɗaya-ɗaya yakan ƙare da kalmomi 110 maimakon 140, domin duk kalmar da zai share sai ya ji kamar asara zai yi. Idan kuwa komai yana Notes, ba abin da ya ɓata. Yanzu jimla ce za ta nemi izinin hawa allo, kuma sai ta kawo hujja.

*Gargaɗi:* idan ka lura rubutunka yana ƙanƙancewa da kansa duk lokacin da ka ƙara layi, AutoFit ne yake matse shi. Shi ne yake ɓoye maka cewa ka cika allon. Idan ƙaramar alamar AutoFit Options ta fito a gefen akwatin rubutu, zaɓi Stop Fitting Text to This Placeholder. A cikin jerin za ka iya ganin Split Text Between Two Slides. Kada ka dogara da shi, domin da tsawon rubutu yake rabawa, bai san inda magana ta ƙare ba.

2. Ƙirga maganganun da ke cikin sakin layin

Ɗauki biro ka kwafe sakin layin a takarda, sannan ka rufe laftof. Karanta sakin layin da ƙarfi, duk inda ka ji an fara amsa wata sabuwar tambaya sai ka ja layi. Ma'aunin da nake amfani da shi ke nan: magana ɗaya ita ce amsar tambaya ɗaya da mai sauraro zai iya ɗaga hannu ya yi. Kalmomi irin su "haka kuma", "bayan haka", "sannan" da "amma" sukan nuna maka gaɓar, domin a nan marubuci ya ɗinke maganganu biyu.

A misalinmu tambayoyi shida ne suka fito. Me ya sa gudawa take da haɗari? Yaya ake haɗa ORS? Nawa ake ba yaro? Yaya ake ba da zinki? A daina ba da nono da abinci? Yaushe za a tafi asibiti?

Akwai wurare biyu da sai ka yi hukunci da kanka. Na farko, maganar zubar da ragowar ruwan bayan awa 24. A sakin layin an maƙala ta a bayan ma'aunin sha, amma asalinta ta haɗawa ce: ka haɗa yau, gobe war haka ka zubar ka sake sabo. Don haka na mayar da ita tambaya ta biyu. Na biyu, ma'anar gudawa da aka buɗe da ita. Matan da ake horarwa iyaye ne, sun san gudawa tun kafin mu zo. Abin da wataƙila ba su riƙe ba shi ne "sau uku ko fiye", wannan kuma jimla ɗaya ce da baki zai faɗa. Ba ta buƙatar silaid nata. Da ɗaliban kwalejin kiwon lafiya ake koyarwa, masu rubuta jarrabawa a kai, da na ba ta allo guda. Masu sauraro ne suke yanke wannan hukuncin.

*Gargaɗi:* magana ɗaya ba ta nufin layi ɗaya. Alamomin haɗari biyar ne, amma duk tambaya ɗaya suke amsawa, wato yaushe za a tafi asibiti. Idan ka warwatsa su a silaid biyar ka ɓata su, domin ana so 'yar sa-kai ta gan su tare ta riƙe su tare.

3. Rubuta take mai cikakkiyar jimla ga kowace magana

Nan ne na fi so ka daɗe. "Gudawa a Wajen Yara" sunan fage ne kawai, bai gaya wa kowa komai ba. Haka "Magani", haka "Alamomi", haka "Sakamakon Bincike" da ɗalibai suke yawan sawa. Take mai aiki jimla ce mai ɗauke da aikatau, wadda ko mutum ya shigo a makare ya karanta ita kaɗai, ya samu abin tafiya da shi. Har yanzu a kan takarda, ga abin da na rubuta:

1. Ƙarewar ruwan jiki ce take kashe yaro mai gudawa
2. Leda ɗaya ta ORS, lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa
3. Ba yaro ORS bayan kowane bayan gida
4. A ci gaba da zinki ko gudawar ta tsaya
5. Kada a janye nono, kada a hana abinci
6. Alamomi biyar da ke cewa a tafi asibiti yanzu

Dubi na huɗu da kyau. Sakin layin asali cewa ya yi kwana 10 zuwa 14. Na tambayi kaina: me ya sa ake jaddada kwanakin? Saboda iyaye sukan ajiye maganin ranar da cikin yaro ya tsaya. To wannan shi ne saƙon, shi ya hau take, lambobin kuma suka sauka ƙasansa. Sau da yawa saƙon gaskiya ba ya cikin rubutun kwata-kwata, yana cikin kanka, sai ka tambayi kanka "to sai me?" kafin ya fito.

Kowane take kada ya wuce layi biyu a kan allo, abin da ya kama kalmomi takwas zuwa goma sha biyu. Idan ka ga "kuma" ta shigo tsakiyar take tana haɗa abubuwa biyu mabambanta, koma mataki na 2, ba ka gama rabawa ba. Bayan ka rubuta duka, karanta su a jere kamar labari, ba tare da komai ba. Idan labarin ya tafi sumul, tsarin ya yi. Idan ka ji tsalle, ko an rasa silaid ɗaya ko jerin ya karkace, kuma gyara shi a takarda ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Ga ɗalibin da ke kare kundi, ka'idar ba ta canja ba. Maimakon "Babi na Huɗu: Sakamako", rubuta abin da ka gano ɗin da kansa a jimla ɗaya. Malaman da ke zaune gabanka suna da kundin a hannu, abin da suke jira shi ne su ga ko ka san me ka gano.

4. Buɗe silaid shida, ka raba musu bayanan

Koma kan laftof. Danna ƙaramin hoton silaid ɗin a gefen hagu, ka latsa `Ctrl+D` sau biyar. Yanzu kana da shida, kowanne ɗauke da cikakken sakin layin a Notes ɗinsa, domin kwafin yana tafiya da bayanan ƙasa. Bi su ɗaya bayan ɗaya: sa sabon take, sannan ka share duk abin da ba nasa ba a Notes. Na fi son wannan hanya a kan buɗe sabon silaid da `Ctrl+M`, domin ba yadda za a yi jimla ta salwanta a hanya.

Idan rubutunka na asali jerin ɗigo-ɗigo ne, akwai gajeriyar hanya, amma sai rubutun yana kan silaid, ba a Notes ba. Shiga View, zaɓi Outline View, sa alamar rubutu a kan layin da kake so ya zama take, ka latsa `Shift+Tab`. Layin zai zama taken sabon silaid, layukan da ke ƙasansa su bi shi.

*Gargaɗi:* Outline View yana nuna rubutun da ke cikin akwatunan asali na silaid ne kawai, na take da na jiki. Abin da aka rubuta a akwatin da aka saka ta Insert da Text Box ba zai fito ba. Idan ka ga wurin wayam, rubutunka bai ɓace ba, koma Normal ka yi aikin da hannu.

Ƙorafin da ake yi mini a nan shi ne: "An ba ni minti 15 kacal, silaid ɗina kuma zai tashi daga 10 zuwa 40." Yawan allo ba shi ne tsawon jawabi ba. Tsohon silaid ɗin nan minti shida ake yi ana bayaninsa. Sababbin shidan minti ɗai-ɗai ne, jimla shida. Maganar ba ta ƙaru ba. Idan kuwa bayan rabawa ka tarar da maganganu 60 a jawabin minti 15, to rabawar ta nuna maka gaskiyar da cunkoso ya ɓoye: kayan sun fi ƙarfin lokacin. Zaɓi waɗanda za su shiga, sauran ka danna musu dama ka zaɓi Hide Slide. Suna nan a cikin fayil idan aka yi tambaya a kansu. Inda hukuma ko sashe ya ƙayyade adadin silaid, bi ƙa'idar, amma ka cike gurbin da manyan maganganunka, ƙananan su koma baki.

5. Ɗora wa kowane silaid hujja ɗaya

A ƙarƙashin take, abu ɗaya za ka sa wanda yake tabbatar da shi ko yake nuna shi: hoto, lamba, ƙaramin jadawali, ko gajeren jeri. Abin da ya cancanci hawa allo shi ne abin da kunne ba ya riƙewa, kamar lambobi, ma'auni, sunan magani da siffar abu. Dalili, labari da misali na baki ne.

Silaid na 2 hoto ne ya dace da shi: ledar ORS a hagu, mazubin lita ɗaya a dama, ƙasa kuma layi ɗaya, "A zubar da ragowa bayan awa 24". Hoton da ka ɗauka da wayarka na ainihin ledar da ake rabawa a yankinku ya fi kowane hoton intanet, domin ita za su gani a hannunsu.

Silaid na 3 jadawali ne mai layi biyu:

| Shekarun yaro | Bayan kowane bayan gida |
|---|---|
| Ƙasa da shekara 2 | mililita 50 zuwa 100 |
| Shekara 2 zuwa 10 | mililita 100 zuwa 200 |

Lambobin nan a tsakiyar sakin layi sun nutse. A jadawali kuwa ido yana kama su kafin ka buɗe baki. Na 4 ma haka: miligiram 20 ga mai wata 6 zuwa sama, miligiram 10 ga wanda bai kai ba, sai "kwana 10 zuwa 14" da manyan baƙaƙe. Na 5 hoton uwa mai shayarwa ya isa, ba sai an ƙara kalma ba. Na 6 layi biyar gajeru: ya kasa sha, yana amayar da komai, jini a kashi, idanu sun faɗa, ya yi laƙwas.

Game da girman rubutu, ni ina sa take a 32 zuwa 36, jiki kuma ba na sauka ƙasa da 24. Idan abu ya ƙi shiga a 24, rage kalmomi za ka yi, girman ya tsaya yadda yake. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne ka cika allon laftof da silaid ɗin, ka ja da baya taku huɗu ko biyar. Abin da ka kasa karantawa, na layin baya ma ba zai iya ba. Ka tuna kuma yawancin azuzuwa da ɗakunan taronmu rana tana shigowa ta taga, majigi kuma sau da yawa farin bango ake haskawa. Baƙin rubutu a kan fari ya fi jure wannan hasken, ruwan ɗorawa ko toka-toka kuwa wankewa suke yi.

*Gargaɗi na farko:* wajen gajartawa ne ake kashe ma'ana. "Zinki: miligiram 20" gajere ne, amma ya haɗiye sharaɗin jaririn da bai kai wata 6 ba, kuma wata za ta ɗauki hoton allon da wayarta ta yi aiki da shi. Kalmomi irin su "kada", "sai dai", "idan" da ma'aunin da ke bin lamba ba a yanke su. Bayan ka gama, ɗauko tsohon fayil ka gwada kowace lamba da ta asali.

*Gargaɗi na biyu:* idan da Hausa ka rubuta, duba ɓ, ɗ, ƙ da 'y a kan kwamfutar da za a haska da ita. Wasu nau'o'in rubutu ba su da baƙaƙe masu lanƙwasa, sai ka ga ɗan akwati a madadinsu ko harafin ya fita daban da 'yan'uwansa. A Windows za ka iya shiga File, Options, Save, ka zaɓi Embed fonts in the file don nau'in rubutun ya bi fayil ɗin.

6. Mayar da Notes maganar baki

Abin da ke Notes yanzu guntun tsohon rubutu ne, kuma yaren takarda ne. Idan ka bar shi haka, ka ɗauke karatu daga bango ka mayar da shi kan laftof ne kawai, kanka a sunkuye, murya ba hawa ba sauka. Sai an sake rubuta shi yadda za a kalla sau ɗaya a ɗago.

Tsarin da nake bi kashi huɗu ne: jimlar buɗewa a cike, sai ƙananan tunatarwa biyu ko uku, sai abin da zan yi da hannu ko tambayar da zan jefa, sai jimlar da za ta kai ni silaid na gaba. Ga na silaid na 3:

> MINTI 1
> Buɗewa: "Ba sau uku a rana ake ba da shi kamar sauran magunguna ba. Duk lokacin da ciki ya zuba, a mayar da abin da ya fita."
> Mililita 50 zuwa 100: kwata zuwa rabin babban kofi. ƊAGA KOFIN.
> Ƙaramin yaro: da cokali, kaɗan-kaɗan.
> Idan ya yi amai: a jira minti 10, a ci gaba a hankali.
> Tambaya: "Wace ce ta taɓa ba yaro ya amayar? Me kika yi?"
> Haɗi: "ORS yana mayar da ruwa. Akwai kuma ƙwayar da ake haɗa shi da ita."

Ka ga maganar amai ba ta cikin sakin layin asali. Mai jawabin ya san ta, ya kan faɗe ta idan ya tuna, amma da allon ya cika ba ta samu wuri ba. Notes ne mazaunin irin wannan ilimin. A silaid na 2 ma a nan za ka rubuta cewa lita ɗaya daidai take da ledar fiya-wata biyu masu santilita 50, tare da tunatar da su duba abin da aka rubuta a jikin ledar ruwan da ta ORS ɗin, domin girma yakan bambanta.

Jimlar buɗewa da ta haɗi su kaɗai nake rubutawa cikakku, saboda a nan ne harshe yake sarƙewa. Tsakiyar magana mutum ya san abinsa. Jimlar haɗi kuma tana hana ka abin nan da ake yawan yi, a danna silaid, a juya a kalli bango, sannan a tuna me ke tafe.

Rubuta Notes da harshen da za ka yi magana da shi. Da yawa daga cikinmu silaid da Turanci yake, jawabi kuma da Hausa. Idan Notes ma da Turanci ne, kana tsaye gaban jama'a kana fassara a ka, sai "am, am" ta yi yawa. Zauna tun a gida ka nemo kalmar da za ka kira kowane abu da ita, ka rubuta ta.

*Gargaɗi:* kada Notes na silaid ɗaya ya wuce layi shida ko bakwai. Wurin da yake fitowa a lokacin jawabi ƙarami ne, abin da ya yi tsawo sai ka riƙa gungurawa kana neman inda ka tsaya.

7. Haɗa takardar rabawa

Wannan ba ya ɗaukar lokaci. Tsohon sakin layin nan da muka ajiye rubutu ne mai kyau ga mai karatu a zaune. Zuba shi a Word, ka gyara shi shafi ɗaya, ka buga. Wanda ya ce maka "ai idan na rage rubutu waɗanda ba su zo ba ba za su gane ba", wannan ce amsarsa. Raba takardar bayan ka gama magana, ka kuma sanar tun farko cewa tana tafe don kada su shagala da kwafa.

8. Gwada da Presenter View da agogo

Latsa `Alt+F5`. PowerPoint zai nuna maka Presenter View ko da ba ka haɗa majigi ba: silaid na yanzu a hagu, mai zuwa a sama ta dama, Notes a ƙasansa, agogo yana tafiya. Akwai alamun A babba da ƙarama a ƙasan Notes na ƙara girman rubutu, ƙara shi har ka iya karantawa a tsaye. A Google Slides, danna 'yar kibiyar da ke gefen Slideshow ka zaɓi Presenter view.

Tashi tsaye ka yi jawabin da murya, daga farko har ƙarshe, sau biyu aƙalla. Karantawa a zuci ba gwaji ba ne, domin zuci ya fi baki sauri. Kana yi kana lura da abu biyu. Silaid ɗin da ka wuce minti biyu a kansa, mai yiwuwa maganganu biyu ne a ciki, sake duba shi. Wanda kuma ka wuce cikin daƙiƙa goma ba ka da abin cewa, wataƙila na maƙwabcinsa ne, haɗe su. Idan ka kama kanka kana karanta take kalma da kalma, jimlar buɗewarka ce ba ta yi ba, sake ta ta faɗi abin da take bai faɗa ba.

*Gargaɗi:* a ranar taro, bayan ka haɗa majigi, tabbatar akwai alama a Use Presenter View a ƙarƙashin Slide Show, sannan ka fara da `F5` kafin mutane su shigo, ka juya ka dubi bango da idonka. Idan bango da laftof abu ɗaya suke nunawa, latsa `Windows+P` ka zaɓi Extend. Na taɓa zama a wani taro inda Notes na mai jawabi suka fito ɓaro-ɓaro a bango, har da inda ya rubuta wa kansa cewa ya tsallake wani sashe idan shugaban taron ya gaji. Kada ka rubuta a Notes abin da ba za ka so a gani ba. A taron intanet ma haka abin yake: idan ka raba dukan allonka maimakon tagar silaid kaɗai, kowa zai ga bayananka.

Sannan ka buga Notes a takarda. Shiga File, Print, danna inda aka rubuta Full Page Slides, ka canja zuwa Notes Pages. Kowane shafi zai fito da hoton silaid a sama, bayanansa a ƙasa. Silaid 30 shafi 30 ke nan, baƙi da fari ya wadatar. Ranar da aka ɗauke wuta janareta ya ƙi tashi, ko aka ce kowa ya miƙa filas a haska daga kwamfutar masu taro da ke can gefe, takardun nan ne za su riƙe ka. Sa musu lamba, ka maƙale su da abin maƙala takarda.

9. Kafin ka tura wa wani fayil ɗin

Bayan taro za a ce ka tura. Fayil ɗin PowerPoint yana tafiya da Notes ɗinsa, duk wanda ya buɗe zai karanta su. Idan kana so su gani, ya fi kyau ka buga Notes Pages zuwa PDF ta hanyar zaɓar Microsoft Print to PDF a wurin firinta, domin PDF na yau da kullum silaid kaɗai yake ɗauka, kuma silaid mai hoton kofi da take ɗaya ba zai wadatar da wanda bai halarta ba. Idan kuwa ba ka so a gani, yi sabon kwafi tukuna, sannan ka shiga File, Info, Check for Issues, Inspect Document, ka latsa Inspect, sannan ka latsa Remove All a gaban Presentation Notes. A kan kwafin za ka yi wannan, domin da zarar ka cire ka adana, bayanan ba sa dawowa. Silaid ɗin da ka ɓoye da Hide Slide ma suna nan a ciki, share su daga kwafin idan ba na kowa ba ne.